JINGAR HOTO A ZAMANIN NA'URA: ABUBUWA HUƊU DA AKE ƘIRGAWA KAFIN A YANKA FARASHI

Sanin kowa ne cewa magini ba ya karɓar jingar ɗaki sai ya san tsawonsa da faɗinsa, da yawan ƙofofi da tagogi, da kuma ko mai gida ne zai kawo siminti. Haka tela, ba ya yanka kuɗin babbar riga sai ya ji irin aikin da za a yi mata a wuya. Amma ga wata sabuwar sana'a da yawancin masu yin ta ke karɓar jinga ido rufe, watau sana'ar rubuta wa na'urar ƙirƙirarriyar basira umarni domin ta zana hoto.

Tun daga shekarar 2022, lokacin da aka buɗe wa jama'a manhajoji irin su Midjourney da Stable Diffusion, samari da 'yan mata masu zaman kansu suka shiga karɓar aikin hotunan talla da bangon littafi da takardun da ake mannawa a jikin kaya. Mai aikin yana rubuta abin da ake so a cikin 'yan jimloli, na'ura kuwa ta fitar da hoto a cikin ƙasa da minti guda. Wannan saurin shi ne ke yaudarar kowa. Mai ba da aiki yana ganin ai ba a yi kome ba, shi kuma mai karɓa yana jin nauyin ya faɗi kuɗi mai tsoka a kan abin da ya fito nan take. Alhali kuwa ba hoton farko ake saya ba. Abin da ake saya shi ne hoton da ya dace da bukata, wanda aka zaɓa, aka gyara, aka girmama shi har ya isa bugu, kana aka ba da izinin amfani da shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ƙirguwa, abin da ya ƙirgu kuwa ana iya sa masa farashi.

YADDA AKE FAƊUWA

A ƙaddara wata Hajiya ce mai sayar da zuma a kwalabe ta kira wani saurayi mai wannan sana'a, ta ce masa, "Ɗan nan, hoto ɗaya kawai nake so na sa a jikin kwalba." Shi kuwa ya ce, "To Hajiya, a kawo Naira dubu goma." Aka rabu a haka, ba takarda.

Da ya kai hoton farko, sai ta ce ƙwaryar da aka zuba zumar ba ta yi kama da ƙwarya ba. Da ya gyara, sai maigidanta ya ce a sa ƙudan zuma. Da aka sa, sai 'yarta ta ce launin ya yi duhu. Kwana huɗu ana kai da komo. Da aka kai maɗaba'a domin buga babbar fasta, sai ma'aikatan suka ce hoton ya yi ƙanƙanta, zai fito dishi-dishi, aka sake dawo masa da shi. Bayan wata uku ya ga hoton nan a jikin motar raba kaya da allon talla a bakin titi. Babu wanda ya cuce shi da gangan, domin kuwa ba a taɓa faɗar inda aikin ya tsaya ba. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ga yadda ya kamata a ce ya yi zanen.

AWO NA FARKO: KUƊIN SA'A GUDA

Kafin a ƙirga kome, tilas ne mai aiki ya san abin da sa'arsa guda ta cancanta. Hanyar kuwa mai sauƙi ce. Ya haɗa abin da sana'ar ke ci a wata, watau kuɗin rajistar manhaja da na data da na wuta, ya ɗora abin da yake bukatar ya samu domin kansa, sa'an nan ya raba da sa'o'in da ake biyansa a cikinsu. A lura, ba dukkan sa'o'in wata ake biya ba, gama neman ciniki da koyon sababbin dabaru da jiran amsa duk suna cin lokaci.

Alal misali, a ce sana'ar tana cin Naira 60,000 a wata, shi kuma yana neman Naira 240,000, jimla Naira 300,000. Idan sa'o'in da yake sayarwa ɗari ne, to, sa'arsa guda Naira 3,000 ke nan. Waɗannan alkaluma na misali ne, kowa sai ya sa nasa, amma da su za a auna jingar Hajiya har ƙarshe. Sa'ar da aka ɓata wajen zama da ita a ji bukatarta, a kuma rubuta ta, ita ce ta farko a lissafi: Naira 3,000.

NA ƊAYA: YAWAN SAMFURA

Kalmar "hoto ɗaya" ita ce tarkon farko, domin akwai ƙirge iri uku a cikinta waɗanda bai kamata a cakuɗa su ba.

Akwai gwaje-gwajen da mai aiki ke yi a ɗakinsa, waɗanda mai kaya ba zai taɓa gani ba. Midjourney, alal misali, hotuna huɗu take fitarwa a kowane umarni. Idan aka gwada sau goma kafin a dace, an duba hotuna arba'in ke nan domin a tsamo ɗaya ko biyu. Abubuwan gida kuwa sun fi cin gwaji, saboda na'urorin sun fi sabawa da kayan wasu ƙasashe. A nemi ƙwarya ta kawo kwanon katako, a nemi hular Bahaushe ta kawo rawanin wata nahiya. Wannan wahala ba a rubuta ta a takarda ɗaya bayan ɗaya, amma lalle ne ta shiga cikin sa'o'i.

Sai kuma salo, watau ra'ayoyi mabambanta da za a nuna wa mai kaya ya zaɓa. Ga Hajiya, ana iya nuna salo uku: zuma tana zuba cikin ƙwarya, ko amya a kan bishiya da hantsi, ko saƙar zuma daga kusa. Idan kowane salo yana cin sa'a ɗaya da rabi, uku sun ci sa'a huɗu da rabi, watau Naira 13,500. Sai a rubuta a fili cewa salo uku za a nuna, ɗaya za a ɗauka, sauran biyun kuwa suna nan hannun mai aiki. Wanda ya so biyu sai ya biya na biyun.

Na uku shi ne siffa. Hoton da aka zaɓa mai kusurwa huɗu daidai ne, ya dace da kwalba. Amma tallar waya tana son dogo a tsaye, fasta kuma tana da nata awon. Yanke gefen hoto ba ya wadatarwa, sau da yawa sai an sa na'ura ta ƙara sama da ƙasa, a kuma duba mahaɗar. Saboda haka kowace ƙarin siffa aiki ce mai zaman kanta. Siffa biyu, sa'a guda-guda, Naira 6,000.

NA BIYU: ZAGAYEN GYARA

A nan ne yawancin masu sana'ar ke yin hasara, dalilin kuwa yana cikin halin na'urar kanta. Mai zane da hannu in an ce ya ƙara ƙudan zuma, sai ya ƙara shi, sauran zanen yana nan yadda yake. Na'ura kuwa in aka sauya kalma guda a cikin umarni, tana iya sake hoton gaba ɗaya, har ƙwaryar da Hajiya ta yaba ta koma wata daban. Akwai dabarun rage wannan, kamar riƙe lambar da aka fara zanen da ita, wadda a Midjourney ake rubutawa `--seed`, ko shata wuri guda a ce nan kaɗai za a taɓa. Sababbin manhajoji sun ƙara ƙwarewa wajen gyaran wuri guda, amma duk da haka launi da fuska sukan ɗan zame in gyara ya yi yawa. Ashe ke nan abin da mai kaya ke kira "ɗan gyara" yana iya cin lokaci kamar sabon aiki.

Maganin wannan shi ne a sayar da gyara zagaye-zagaye, ba ɗaiɗai ba. Zagaye guda yana nufin mai kaya ya tattara dukkan abin da yake so a sauya, nasa da na maigida da na 'ya'ya, ya aiko a saƙo ɗaya, mai aiki ya yi su tare ya mayar. A jingar Hajiya an sa zagaye biyu, kowanne sa'a ɗaya da rabi, watau Naira 9,000. An kuma rubuta tun farko cewa zagaye na uku da abin da ya biyo baya Naira 6,000 ne kowanne. An ɗaga kuɗinsa da gangan, domin ya sa mai kaya ya yi tunani sosai kafin ya aiko.

To, yaya za a rarrabe gyara da sabon aiki? Ma'aunin shi ne rubutacciyar bukatar da aka amince da ita ran farko. Idan an rubuta zuma a cikin ƙwarya, sai aka ce a ƙara haske ko a rage girman ludayi, wannan gyara ne. Idan aka ce a cire ƙwarya a sa wata mata riƙe da kwalba, to, an fita daga abin da aka rubuta, sabon salo ne, kuɗinsa daban. Haka kuma adalci ya wajaba a ɗaya ɓangaren. Kuskuren na'ura, irin su hannu mai yatsa shida ko ƙudan zuma mai fiffike uku, ba a ɗora wa mai kaya. Wannan aibin kaya ne, gyaransa a kan mai sana'a yake, ba ya kuma cinye zagaye.

NA UKU: GIRMAN HOTO

Hoton na'ura ƙananan ɗigogi ne da aka jera, yawansu kuwa shi ke nuna iyakar girman da za a buga shi. Da yawa daga cikin manhajojin nan suna fitar da hoto mai ɗigo 1024 a faɗi da 1024 a tsaye, ko kusa da haka. A fuskar waya wannan ya isa har da saura. Amma maɗaba'a, ga abin da za a riƙe a hannu a duba, ɗigo 300 take nema a kowane inci, abin da ake rubutawa 300 dpi. Lissafin kuwa shi ne a ninka tsawon takarda a inci da wannan lamba.

Idan aka raba 1024 da 300, za a sami inci uku da ɗan ɗori, kimanin santimita takwas da rabi. Wannan ya wadatar da takardar kwalbar Hajiya in ba ta wuce santimita takwas ba. Amma fasta mai awon A3, wadda faɗinta milimita 297 ne tsawonta 420, tana bukatar ɗigo 3508 a faɗi da 4961 a tsaye. In aka miƙe ɗigo 1024 a kan wannan faɗi, kowane inci bai sami ko ɗigo casa'in ba, shi ya sa ma'aikatan maɗaba'a suka mayar da hoton saurayin nan.

Akwai manhajojin da ke ninka girman hoto sau biyu ko sau huɗu, sai dai ba su san abin da ya ɓata ba, ƙaga shi suke yi. Daga nan ne fatar mutum kan koma sumul kamar roba, saƙar tufa ta rikice, ƙaramin aibin da ba a gani da can ya fito ɓaro-ɓaro. Hanyar ganewa ita ce a buɗe hoton a cikakken girmansa a bi shi kusurwa-kusurwa, a duba idanu da yatsu da gefen abubuwa. Bugu da ƙari, fuskar na'ura da haske take haɗa launi, maɗaba'a kuwa da tawada huɗu, saboda haka ruwan zumar da ke ƙyalli a waya yana iya fitowa a dushe a takarda, sai an juya launin an kuma buga gwaji. A kan kuma bar ratar milimita uku a kowane gefe saboda wuƙar yanka. Wannan aiki duka an ƙiyasta shi sa'a uku, Naira 9,000.

Allon talla na bakin titi, abin mamaki, ba ya neman ɗigo 300 a inci, domin daga nesa ake kallonsa. Saboda haka kada mai aiki ya yi ta zato. Ya tambayi awon abin da za a buga, ya tambayi maɗaba'ar abin da take karɓa, ya rubuta lambobin a takarda.

Rubutu ma yana da nasa gurbi. Ba a dogara da na'urar zane wajen rubuta Hausa, musamman haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ. Da hannu ake jera sunan kaya da adireshi a wata manhaja daban. Sa'a ɗaya da rabi, Naira 4,500.

Idan aka haɗa duka, zama da salo da siffa da gyara da girmamawa da rubutu, sa'a 15 ne, Naira 45,000. Wannan shi ne ladan aiki. Saura kuɗin amfani.

NA HUƊU: IZININ AMFANI

Hoton da za a sa a tallar waya na mako biyu da wanda zai zama fuskar kaya a kan dubban kwalabe, wahalar yin su ɗaya ce, amma amfaninsu ga mai kaya ba ɗaya ba ne. Masu ɗaukar hoto da masu zane sun daɗe suna rarrabe kuɗin aiki da kuɗin izini, inda ake duba abu huɗu: a ina za a yi amfani da shi, kwafi nawa, har tsawon wane lokaci, kuma shin mai kaya ne kaɗai zai yi amfani da shi ko da wasu.

Sai dai a nan akwai wani lauje cikin naɗi da ya kamata mai sana'a ya sani, domin kada ya sayar da abin da ba shi da shi. A watan Fabrairu na 2023, Ofishin Haƙƙin Mallaka na Amirka ya yanke cewa hotunan da Midjourney ta zana a cikin wani littafin barkwanci mai suna Zarya of the Dawn ba su da kariyar haƙƙin mallaka, ko da yake rubutun marubuciyar da yadda ta jera hotunan suna da ita. A watan Janairu na 2025 ofishin ya fitar da rahoto inda ya ce umarni shi kaɗai bai isa ya mai da mutum mawallafin hoton ba. A ƙasar Sin kuwa, wata kotu a Beijing ta yanke akasin haka a watan Nuwamba na 2023, ta amince da haƙƙin wani mutum a kan hoton da ya fitar da Stable Diffusion. Tun da ƙasashe sun sha bamban haka, bai kamata mai aiki ya yi wa kowa alkawarin cewa doka za ta hana wani kwaikwayon hoton ba.

To, me yake iya sayarwa da gaskiya? Yana iya sayar da aikin hannunsa da ya ɗora a kai, watau gyara da jeri da rubutu. Yana kuma iya sayar da alkawarinsa cewa ba zai ba wani hoton ba, ba kuwa zai yi amfani da umarnin nan ga wani mai sayar da zuma ba har zuwa wani lokaci. A Nijeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta shardanta cewa miƙa haƙƙi ko ba da izini na mutum ɗaya tak ba ya tabbata sai a rubuce. Wannan kaɗai ya isa dalilin barin cinikin baka.

Har ila yau tilas ne a karanta sharuɗɗan manhajar da aka yi aiki da ita, gama suna sauyawa. Midjourney, alal misali, ta saba baje hotunan masu amfani da ita a dandalinta kowa ya gani, sai wanda ya biya babban mataki ne ke iya ɓoye nasa. Wanda ya yi alkawarin sirri alhali yana kan ƙaramin mataki ya yi alkawarin da ba zai iya cikawa ba. In mai kaya yana son sirri, sai kuɗin babban matakin ya shiga jinga.

A jingar Hajiya, an bar tallar waya ta shekara guda a cikin ladan aiki. Bugawa a kwalba da fasta har kwafi 5,000 an sa mata rabin ladan aiki, Naira 22,500. Alkawarin keɓe mata hoton da umarninsa na shekara biyu an sa masa kashi talatin cikin ɗari, Naira 13,500. Allon titi da jikin mota ba sa ciki, in an tashi yin su sai a dawo a yi magana. Shi kansa rubutaccen umarnin da fayil ɗin da ake gyara a cikinsa ba a miƙa su, domin su ne jarin mai sana'a. Wanda ya karɓe su ba ya bukatar dawowa, saboda haka in za a sayar, da farashinsu daban.

TAKARDAR DA ZA A MIƘA

Jimlar jingar ta tashi Naira 81,000, a maimakon dubu goman da aka yi ta baka. Takardar ba ta bukatar wuce shafi guda. Ta ƙunshi bukatar da aka amince da ita, da salo uku a ɗauki ɗaya, da siffa uku tare da awon kowacce, da zagayen gyara biyu da kuɗin ƙari, da iyakar izini, da ranar miƙa aiki. A bayyana a cikinta cewa da na'ura aka zana hoton, domin kada a ji daga baya a ce an yi rufa-rufa. A karɓi rabi kafin alƙalami, Naira 40,500, a kuma rubuta cewa in an fasa bayan an nuna salo, wannan ba ya dawowa. Samfuran da za a nuna su kasance ƙanana masu tambari a kai, cikakken hoto sai an cika kuɗi. Tun da yake da dala ake biyan rajistar manhajojin, yana da kyau a ce farashin na mako biyu ne, bayan haka a sake lissafi.

Mai yiwuwa ne Hajiya ta ce kuɗin ya yi mata yawa, kuma haƙƙinta ne ta nemi ragi. A nan ne amfanin ƙirge yake fitowa, domin mai aiki ba zai karya farashinsa haka kawai ba, sai dai ya rage kaya. Ya ce, "Hajiya, in aka bar fasta a yanzu, aka yi salo biyu maimakon uku, aka kuma janye keɓewa, kuɗin zai sauko sosai." Ita ce za ta zaɓi abin da za ta iya. Ta san abin da ta biya, shi ma ya san inda aikinsa ya tsaya, in kuma ciniki ya bunƙasa har ta bukaci allon titi, takardar tana nan, daga inda aka tsaya za a ɗora.